Buhun Shinkafa Ba Ya Hira

Kwanakin baya aka kira ni sulhu a wani gida a unguwar Mabera, a nan Sakkwato. Maigidan ɗan kasuwa ne, yana da rumfar atamfa a Babbar Kasuwa, aurensu ya kai shekara 9. Da muka zauna a zaure ya fara lissafi da yatsu: shinkafa buhu guda, gero, mai, kuɗin makarantar yara, ɗinkin Sallah. Ya dube ni ya ce, "Malam, don Allah mi na rage ta da shi?"

Matar tana bayan labule, muryarta can ƙasa. "Baba, ban ce ya rage ni da ci ko sha ba. Amma ka tambaye shi yaushe rabon da ya zauna mu yi hira." Aka yi shiru. Yana fita bayan asuba, ya dawo magariba, ya ci tuwo ido na kan waya, bayan isha'i ya tafi majalisa sai ƙarfe 11. Yana shigowa da ledar tsire ya ajiye mata, ita kuwa ta riga ta juya fuska bango.

Ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Shi a wurinsa so wahala ce: ya jure zafin Afrilu da ke haura digiri 40 don kada tukunya ta kwana a kife. Ita kuwa so a wurinta zama ne, a dube ta, a ji abin da ya same ta yau. Kowa na bayarwa, ba wanda ke karɓa.

Wani Ba'amurke mai ba ma'aurata shawara, Gary Chapman, ya fitar da littafi a 1992 inda ya kasa hanyoyin jin so gida 5: kalma mai daɗi, ba da lokaci, kyauta, hidima da taɓa jiki. Rabon yana da amfani, amma mu ba baƙonmu ba ne. A hadisai mun karanta cewa Manzon Allah (SAW) yana taya iyalinsa aikin gida, ya yi tsere da Nana A'isha, yana sa baki ya sha daidai inda ta sha, kuma bayan rasuwar Nana Khadija ya ci gaba da aika wa ƙawayenta nama. Bai tsaya ga ƙofa ɗaya ba.

Kuskurenmu, mu maza, shi ne ɗaukar cefane a matsayin soyayya. Ciyarwa wajibi ce, alƙali ma zai tilasta maka. Abin da ke shiga zuciya shi ne wanda ba wanda zai kai ka ƙara idan ka bar shi. Kuskure na biyu, fakewa da kunya. Kunya ado ce a gaban surukai, shi ya sa mace ke sakaya sunan miji da na ɗan fari. Amma idan an rufe ɗaki, kunyar da ta hana ka ce wa matarka "girkin nan ya yi daɗi" ta zama rowa.

To yaya ake gane ƙofar mutum? Saurari ƙorafinsa, domin ciwon 'ya mace na bakinta, na namiji ma haka. Mai cewa "ba ka zama" lokaci take nema. Mai cewa "ko tsinke ba ka taɓa riƙo mini ba" ba kuɗi take nufi ba, so take ta san ka tuna da ita a hanya, ko da da ƙullin ƙilishi ne. Sannan duba abin da mutum ya fi yi maka, don galibi abin da yake ƙishi shi yake miƙawa. Kuma kada a ɗauka ƙofar ba ta sauyawa: amaryar da ke son hira, ranar da take jego abin da ya fi mata shi ne ka karɓi jaririn ta yi barcin awa ɗaya. Mai mata biyu kuwa ya sani, adalci a kwana da ciyarwa dole ne, amma abin da ya faranta wa uwargida ba lallai ya faranta wa amarya ba.

Mata ma da nasu kuskuren. A zaman nan maigidan ya ce abin da ya fi ci masa rai shi ne ya sauke kaya a tsakar gida ba "sannu da ƙoƙari", ba "Allah ya ƙara buɗi". Ashe shi kalma yake jira, ita kuwa ta zaci share ɗaki da turaren wuta sun isar da saƙo.

Abin da muka tsayar kaɗan ne. Shi zai jinkirta majalisa da minti 30 bayan isha'i, ya kife wayar, su zauna a tabarma ɗaya. Ita kuma za ta furta godiyar da take riƙewa a ciki. Na faɗa musu makon farko zai yi nauyi kamar mai koyon rubutu da hagu, kada nauyin ya sa su bari.

Ranar Juma'ar da ta wuce na bi ta layinsu bayan isha'i. Na tarar da abokansa a majalisa, gurbinsa a kan benci babu kowa, babur ɗinsa kuma yana jingine cikin zaure.