Masu ɗaukar marubuta manhaja aiki su duba hujja kafin su ƙirga kalmomi

Daga Kanya Babba zuwa Roni da Gwiwa, matasan da ke koyon rubuta manhaja sai ƙaruwa suke. Ga kwalejin Hussaini Adamu a Kazaure, ga Jami'ar Fasaha ta Tarayya da aka kafa a Babura a 2021, ga kuma shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023. Sai dai takardun neman aikin waɗannan matasa, wato CV, kan faɗi tun a zagayen farko idan mai tantancewa ƙirga kalmomi kawai ya iya.

A ce wani kamfani a Kano ya yi tallar neman wanda ya iya PHP da Laravel da MySQL. Mai nema na farko ya jero harsuna goma sha biyu, har da duka ukun. Ta biyu ta rubuta PHP da MySQL da CodeIgniter, ta kuma sa adireshin manhajar biyan kuɗin makaranta da ta gina. A ƙirgen kalmomi shi ne kan gaba, uku da biyu.

Amma a raba maki 100 haka: 20 ga harshe da rumbun bayanai, 30 ga ginshiƙin da ake ɗora manhajar a kai, 50 ga hujjar aiki. Na farko ya kwashe 50. Da aka buɗe shafinsa na GitHub sai aka tarar aikin wani ne ya kwafo, da alamar `forked from` a sama, bai ƙara ko layi ɗaya ba. A hujja ba shi da komai. Ita kuwa ta samu 20, sannan 15 cikin 30, domin CodeIgniter da Laravel duk a kan PHP suke kuma tsarinsu ya yi kama. Umarnin `git log` ya nuna ta shafe watanni tana gyare-gyare da sunanta, sai a ba ta 40. Jimilla 75 ke nan, shi kuma 50.

Irin wannan duba yana cin lokaci, kuma sai an samu wanda ya san aikin. Duk da haka, ya fi sauƙi a kan biyan albashin wata uku ga wanda bai taɓa haɗa manhaja da rumbun bayanai ba. Ƙirgen kalmomi ma yana da nasa kwaɓar: binciken `Java` kan kamo `JavaScript`, alhali harsuna ne daban, wanda ya rubuta React kuma zai iya rasa makin JavaScript duk da cewa da shi ake rubuta React.

Akwai inda ya kamata a yi hattara. Wanda ya yi wa asibiti ko banki aiki galibi ba shi da ikon nuna abin da ya rubuta. Bai dace a ba shi sifili ba. A kira shi ya bayyana yadda ya tsara teburorin bayanansa, ko a ba shi ɗan gwaji na awa guda da Laravel, makin hujjarsa ya fito daga nan.