Fansho a Arewa: na'urar ɗaukar yatsa ba ta gyara suna ko ranar haihuwa

Nijar ta kama hanyar komawa ga takardun shaida masu ɗauke da zanen yatsa da hoton fuska. Hukumar zaɓe ta CENI ta yi irin wannan rajista kafin zaɓen watan Disamban 2020. A shekarar ce kuma Bankin Duniya ya shigar da ƙasar cikin shirin WURI, wanda manufarsa ita ce bai wa kowane mutum lamba ɗaya tak ta shaida, sannan a watan Yunin 2025 gwamnati ta ƙulla yarjejeniya da wani kamfanin Libiya kan sabon fasfo da katin ɗan ƙasa na zamani.

Mutane da dama a gundumomin Dogon Dutsi da Tibiri na jihar Doso suna ɗaukar cewa wannan sauyi zai share tsofaffin kurakuran takardu. Ba haka abin yake ba. Na'ura tana tabbatar da cewa wannan yatsa na mutum ɗaya ne, amma suna da ranar haihuwar da za ta liƙa wa yatsan daga takardar da aka miƙa mata take kwafowa. In takardar tana da kuskure, kuskuren ne zai samu hatimi. Waɗanda abin ya fi shafa su ne dattawan da ke dab da ritaya, domin a kansu ne ake ɗora takarda kan takarda a duba ko sun yi daidai kafin a saki kuɗi.

A Nijar asusu biyu ne ke biyan fansho: CARENI ga ma'aikatan gwamnati, CNSS kuma ga ma'aikatan kamfanoni da ƙungiyoyi. Kowanne yana sanin ma'aikaci ne da lambar da aka ba shi tun farkon aiki, kuma a ƙarƙashin lambar akwai suna da ranar haihuwa yadda aka rubuta su a wancan lokacin, shekara 30 ko fiye da suka wuce. Ranar da ma'aikaci ya kai takardun neman fansho, jami'i zai kwatanta wannan tsohon bayani da takardar haihuwa da katin ɗan ƙasa. Harafi ɗaya ya isa ya tsayar da fayil.

Daga ina saɓanin yake fitowa

Yawancin waɗanda ake haifa a ƙauyukan Matankari ko Kore Mairuwa a shekarun 1960 ba a rubuta su a rajista lokacin haihuwa ba. Sai an zo shiga makaranta ko jarabawa ake zuwa gaban alƙali da shaidu, a yi hukuncin da ke maye gurbin takardar haihuwa. Shekarar kintace ce, shi ya sa ake rubuta “né vers”, wato an haife shi wajejen shekara kaza, ba wata ba rana. Da kwamfuta ta zo ta ce lallai sai an cike gurbin rana da wata, sai aka riƙa sa 1 ga Janairu. Wannan ne ya sa dattawa da yawa suke da ranar haihuwa ɗaya a katinsu.

Sai batun rubutun suna da haruffan Faransanci. Isufu ɗaya yana iya zama Issoufou a takardar haihuwa, Youssoufou a takardar makaranta, Issouf a takardar albashi. Hawwa takan fito Haoua a nan, Aoua a can. Wani kuma an ɗauke shi aiki da laƙabin da gari ya san shi da shi, ko an sa sunan kawun da ya riƙe shi a gurbin sunan mahaifi.

Arewa tana da nata ƙarin rikicin. Sai a 2011 aka cire Tibiri daga Dogon Dutsi ta zama gunduma mai cin gashin kanta, don haka tsohuwar takardar ɗan Dumega ko Gesheme tana ɗauke da sunan Dogon Dutsi, kuma can ya kamata a fara neman asalin hukuncin da aka yi masa kafin wannan shekara. Ga kuma wani Tibirin a jihar Maradi, wanda mai shigar da bayani a Yamai yake iya ɗauka a madadin na Doso.

Kuskuren yana ina?

Wannan ce tambayar da ya kamata a fara amsawa, domin amsarta ce ke nuna ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Hanyar ganewa ita ce a je ma'aikatar magajin garin da ke riƙe da rajistar, a nemi cikakken kwafin abin da ke cikin littafin, ba taƙaitaccen kwafin da aka saba karɓa ba.

In littafin daidai yake, kuskuren na mai kwafi ne ko na ofishin da ya ɗauki mutum aiki. Wannan ba ya buƙatar alƙali. Sabon kwafi ake karɓa, a rubuta takardar neman gyara zuwa ga asusun fansho, a ambaci lambar ma'aikaci, a haɗa da kwafin da takardun albashi. Idan bambancin na rubutun suna ne kawai, akwai takardar da ke ɗauke da taken “certificat d'individualité”, mai shaida cewa Issoufou da Youssoufou mutum ɗaya ne. Iyakarta ke nan. Tana haɗa sunaye biyu, amma ba ta canza abin da ke cikin rajista, kuma ba ta warware saɓanin shekaru.

In kuwa kuskuren a cikin littafin yake, jami'in ma'aikatar magajin gari ba shi da ikon goge shi da kansa, ko da ya san mai takardar tun yana yaro. Sai an shigar da buƙata a kotun yankin da aka yi takardar, tare da hujjoji. Akwai mataki ɗaya da mutane suke yawan tsallakewa: bayan kotu ta amince, dole a koma da hukuncin ma'aikatar magajin gari a rubuta gyaran a gefen shafin rajistar. In ba a yi haka ba, duk kwafin da za a fitar nan gaba da tsohon kuskuren zai fito, hukuncin kuma yana kwance cikin akwati a gida.

Mai takarda biyu

Lamarin da ya fi wuya shi ne na mutumin da aka yi wa takardar haihuwa sau biyu. A ɗauki misalin wani direba ɗan Kore Mairuwa. An yi masa hukuncin farko lokacin shiga makaranta, aka rubuta wajejen 1964. Da ya girma takardar ta ɓace, maimakon a nemo kwafinta sai aka yi sabon hukunci, shaidu suka ce 1966. Da wannan ta biyun kamfani ya yi masa rajista a CNSS. Daga baya wani ɗan uwa ya gano ta farkon, da ita kuma aka yi masa katin ɗan ƙasa.

Ka'idar CNSS ita ce ma'aikaci ya cika shekara 60, ya tara aƙalla wata 180 ana zuba masa kuɗi, kuma ya bar aikin albashi. Direban ya duba katinsa, ya ga ya cika 60 a 2024, ya ajiye aiki. Amma a lissafin asusun sai 2026 zai cika. Wata 24 ke nan ba albashi ba fansho. Da a ce haƙƙinsa jika 40 ne a wata, kuɗin da ke tsakanin shekarun biyu ya kai jika 960 na sefa. Akwai abin da ya fi wannan muni: in a ranar da ya ajiye aiki wata 170 kawai ya tara, ya rasa wata 10 da za su kai shi ga fanshon dindindin, sai dai a ba shi kuɗin sallama sau ɗaya.

Abin da zuciya take fara raya wa iyali shi ne a yi takarda ta uku da za ta dace da lissafin da ake so. Wannan shi ne mafi haɗari, domin mutum ɗaya ba ya da haihuwa biyu a rajista, balle uku. Hanyar doka ita ce a kai takardun biyu gaban alƙali a nemi soke ɗaya. Hujjar da ta fi nauyi ita ce wadda ta fi tsufa kuma ba a yi ta don neman fansho ba, kamar rajistar makarantar firamare ko takardar jarabawar farko. Kuma hukuncin kotu ba ya shiga kwamfutar asusu da kansa. Sai an kai shi da takardar buƙata, asusun ya duba, kuma ba abin mamaki ba ne ya tsananta bincike kan gyaran shekarun da ya zo ana saura wata kaɗan a yi ritaya. Shi ya sa wanda ya fara wannan aiki yana da shekara 55 ya fi wanda ya jira 60 samun sauƙi nesa ba kusa ba.

Tsarin matakan ma yana da muhimmanci: rajistar haihuwa tukuna, sai takardar shaidar zama ɗan ƙasa, sai kati, sannan asusun fansho da banki. Wanda ya fara daga kati zai biya kuɗi sau biyu. A wurin ɗaukar yatsa kuwa, a karanta suna da ranar haihuwa harafi bayan harafi kafin a tabbatar, in dattijo ba ya karatun boko a raka shi da wanda ya iya.

Matan da mazansu suka rasu su ma suna cin karo da wannan katanga. Fanshon mamaci yana buƙatar takardar aure da ta mutuwa, kuma sunan mijin a kansu dole ya dace da wanda ke ƙarƙashin lambarsa. Auren da aka ɗaura a masallaci ba a kai shi rajista ba sai an koma kotu kafin a amince da shi. Dokar 1 ga Yulin 2019 kan rajistar jama'a ta ba da kwana 60 a bayyana haihuwa ko mutuwa, in wa'adin ya wuce sai ta hanyar alƙali.

Ga 'yan Arewa da suka yi aikin albashi a Najeriya, ta Kabi ko Sakkwato ko Legas, lissafin daban ne. Can hukumar PenCom ce ke sa ido, kowane ma'aikaci yana da lambar fansho mai farawa da PEN, kuma ana daidaita bayanansa da na lambar NIN. In sun saɓa, a hukumar NIMC ake fara gyara, sannan kamfanin fanshon ya sabunta nasa. Gyaran da aka yi a Dogon Dutsi ba ya isa Abuja da kansa.

Matasan da ke Yamai ko ƙasashen waje suna iya ɗaukar nauyin babban ɓangare na wannan aiki daga nesa: su sa a ɗauki hoton kowace takarda ta mahaifi, su jera sunaye da shekaru a shafi ɗaya su ga inda suka saɓa, su tura kuɗin tambur da na mota. Wakili mai takardar wakilci yana iya karɓo kwafi daga ma'aikatar magajin gari. Ɗaukar yatsa ne kawai ba a wakilta, sai dattijon ya je da kansa.