Ku daina cewa "ai naira hamsin ce kawai": ga abin da ake zaftarewa a dubu ashirin



Tunda aka kawo shawarar ƙungiya ta ɗauki gajeren bidiyo kan cajin tura kuɗi ta waya, wasu daga cikinmu ke cewa ɓata lokaci ne. Hujjarsu ita ce naira goma ko hamsin ba ta kai abin da za a tara mutane a kai ba, kuma duk wanda ya damu sai ya karanta saƙon da banki ke turo masa. Ba mu yarda da wannan magana ba. Ga lissafi, kowa ya duba da kansa.

Mu ɗauka wani ɗanmu yana neman kuɗi a Yola, zai turo wa mahaifiyarsa a Mayo Bani naira 20,000. Wayarsa ƙarama ce, bankinsu kuma ba ɗaya ba ne, don haka sai ya danna lambobin nan masu farawa da tauraro.

Da farko banki zai cire ladan tura kuɗi. A jadawalin Babban Bankin Najeriya da ya fara aiki a Janairun 2020, naira 10 ce idan kuɗin bai wuce 5,000 ba, naira 25 daga nan zuwa 50,000, sai naira 50 ga abin da ya haura haka. A kan ladan ana ɗora harajin kashi 7.5 cikin ɗari, wanda ke fitowa a waya da sunan `VAT`. Shi ya sa naira 25 ke komawa naira 26 da kwabo 88. Bayan haka akwai naira 50 ta gwamnatin tarayya a kan duk kuɗin da ya kai 10,000. A da mai karɓa ake cirewa, amma daga Janairun 2026 ta koma kan mai turawa, da sunan `Stamp Duty`. Danna lambobin ma ba kyauta ba ne: naira 6 da kwabo 98 ce a kowane minti biyu, kuma tun tsakiyar 2025 daga katin waya ake cire ta. Sai saƙon alat, wanda aka ƙara daga naira 4 zuwa naira 6 a Mayun 2025. Idan aka haɗa, yaron ya kashe kusan naira 90.

Kuɗi ya shigo wa Inna, an cire mata naira 6 ta alat. Ta je wurin mai POS da katinta. A ce ya karɓi naira 100 a kowace dubu biyar, naira 400 ke nan, sai wata naira 6 ta alat ɗin cirewa. Jimilla daga Yola zuwa hannunta, naira 500 da 'yan kai ta tafi. Idan kuma ba ta da kati, sai da aka tura wa mai POS kuɗin ta waya zuwa wani banki, ladan turawa da harajin naira 50 da kuɗin danna lamba duk za su sake hawa kanta, abin ya doshi naira 590. Wanda ke yin haka kowane wata ya biya tsakanin dubu shida zuwa dubu bakwai a shekara. Wace uwa ce a garin nan za ta ce dubu bakwai ba kuɗi ba ce?

Abin da ya sa mutane ba sa gani shi ne ba hannu ɗaya ke ɗiba ba, kuma ba daga aljihu ɗaya ba. Banki da gwamnati suna ɗiba daga asusu, kamfanin waya daga kati, mai POS daga tsabar kuɗi. Kuɗin alat kuwa bankuna da dama tara shi suke yi su cire a dunƙule bayan wata. Babu wani saƙo guda da ke nuna jimillar. Sanarwar da ake cewa mu karanta da Turanci take zuwa, ga wanda Hausa da Fulatanci ko yaren gidansu kawai yake ji. Sanarwar da mutum ba zai iya karantawa ba, da ita da babu duk ɗaya. Masu cajin sun san hanyar tallata mana buɗe asusu da harshenmu. Me ya sa idan aka zo kan abin da za su cire sai harshen ya ɓace?

Rashin sanin nan yana haddasa faɗa tsakaninmu. Duk ƙarancin da mutum ya gani a asusunsa, yaron POS yake kamawa, alhali a lissafin nan nasa ɗaya ne kawai daga cikin caje-cajen da ake cirewa, ko da yake shi ne mafi tsoka. Shi ma kamfanin na'urarsa yana cirar nasa, ga wahalar nemo tsabar kuɗi daga cikin Mubi. Wannan bai wanke wanda ke ninka caji ranar kasuwa ko jajibirin sallah ba. Muna kira ga kowane mai POS ya rubuta farashinsa a allo ya kafe, mutum ya gani kafin ya miƙa kati.

Ga yadda muke so bidiyon ya kasance. Kada ya wuce minti uku, don ya yi sauƙin turawa ba tare da cin data ba. Ba ma buƙatar dogon jawabi. A shimfiɗa tabarma, a ajiye kwanuka huɗu: na banki, na gwamnati, na kamfanin waya, na mai POS. A bi dubu ashirin ɗin nan mataki-mataki, duk inda aka cire a jefa a kwanon mai shi, a ƙarshe a ƙirga a gaban kowa. A yi ɗaya da Hausa, ɗaya da Fulatanci. A faɗi watan da aka ɗauka, domin farashin yana canzawa.

Bayan kwanukan, a nuna iyakoki biyu da ya kamata kowa ya haddace. Tura 5,000 naira 10 da kwabo 75 ne, amma da ka ƙara ɗari ɗaya ya koma kusan naira 27. Tura 9,900 ba ya jawo harajin naira 50, cika shi 10,000 yana jawowa. Sai dai kada a yaudari kai da dabarar rarraba kuɗi. Wanda ya raba dubu ashirin gida huɗu ta ƙaramar waya ya tsere wa naira 50, amma ladan turawa da danna lamba da alat sau huɗu sun kai kusan naira 95, sun fi 90 ɗin da yake gudu.

A rufe bidiyon da abin da mutum zai yi idan ya ga an cire abin da bai gane ba. Ya nemi takardar bayanin asusunsa, ya kai ƙorafi bankinsa a rubuce, ya karɓi lambar shaidar ƙorafin. Idan mako biyu ya wuce ba a warware ba, yana da damar kai ƙara sashen kare haƙƙin masu hulɗa na Babban Banki.

Wayar ɗauka muna da ita, kwanuka da tabarma ba sa wuya. Muna neman mutum biyu masu bayyana magana da kyau, da mai POS ɗaya da zai yarda ya faɗi nasa lissafin a fili. Wanda har yanzu yake ganin ɓata lokaci ne, ya zo taro mai zuwa da saƙonnin bankinsa na wata guda, mu ƙirga tare.

Allah Ya yi wa dukiyarmu albarka.

Sakataren ƙungiya