Hoton da ba na kayan ba, algus ne

Da ku nake, masu sayar da atamfa da shadda da leshi ta WhatsApp da Instagram, ko shagonku na Kantin Kwari ne ko kuwa daga ɗaki kuke kasuwancin. Wata mummunar ɗabi'a ta shigo cikinku, kuma tana yaɗuwa. Mutum zai ɗauki hoton turmin atamfa, ya miƙa wa manhajar ƙirƙirarriyar basira, ya ce ta sanya wa mace ita a ɗinke. Cikin ƙiftawar ido sai ga kyakkyawa tsaye a falo mai haske, riga ta zauna ɗaram, ɗankwali ya kafu. Sai ya ɗora hoton, ya rubuta kuɗin turmi a ƙasa, ya ja bakinsa ya yi shiru. Wannan shirun ha'inci ne, kuma yawancinku kun sani.

Manhajar nan ba ɗaukar atamfarku take yi ta naɗa wa mutum ba. Kallon hotonku take yi, sannan ta zana sabon abu mai kama da shi, gwargwadon dubban hotunan tufafi da aka horar da ita a kansu. Ba ta taɓa yadin ba, ba ta san faɗinsa ko kaurinsa ba. Duk abin da hotonku bai nuna mata ba, cikewa take yi da abin da ya fi kyau a ido. Saboda haka hoton da ya fito na wata atamfa ce da babu ita a shagonku, babu ita ma a kowace masaƙa.

Mu ɗauki misali mu bi shi daki-daki. A ce uwar amarya a Gusau tana neman anko, ta ga hotonku, ta turo kuɗin turmi 20. A hoton, furannin da ke jikin rigar ƙanana ne, guda shida sun jeru daga kafaɗa zuwa kafaɗa. A kan yadin gaske kuwa, kowane fure ya kai santimita 20 a faɗi. Kafaɗar babbar mace ba ta cika wuce santimita 40 ba, wato fure biyu kacal za su zauna inda hoton ya jera shida. Manhajar ta rage zanen har ninki uku domin ya yi tsari a jikin wadda ta zana. Duk tela ya san ƙaramin zane da babban zane ba ɗinki ɗaya suke karɓa ba. Babban fure sai an yanka an daidaita, yana cin yadi, kuma idan aka tsaga shi a tsakiya rigar ta lalace. Turmi kuma yadi shida ne, kimanin mita biyar da rabi, ba ya ƙaruwa don hoto ya nuna doguwar riga mai jan ƙasa da hannu buje da ƙaton ɗauri. Kaya za su iso tasha, a kwance, mata 20 da suka biya kuɗinsu su ga abin da ba shi suka zaɓa ba, biki kuma saura kwana kaɗan. Wa zai sha kunyar? Uwar amarya. Ku kuwa kun riga kun kashe waya.

Kala ma haka take, sai dai a nan kuna da mafaka, kuma kuna yawan fakewa da ita. Gaskiya ne waya da waya ba sa nuna launi iri ɗaya, gaskiya ne kuma hasken ƙwan shago yana sa fari ya koma ruwan ƙwai. Mai saye ya san wannan, yana kuma yafewa. Amma idan makuba mai duhu ta koma ja wur a hoto, ko kore mai dishi-dishi ya koma shar, wannan ba laifin wayar kowa ba ne. Ku kuka ga hoton kafin ku ɗora, yadin yana gabanku, kun ga bambancin, kuka zaɓi wanda ya fi jan ido.

Inda abin ya fi ƙona mini rai shi ne inganci. Shadda mai arha sai ta fito tana sheƙi kamar wadda ta sha bugu. Atamfa mai roba, wadda ke sanɗarewa a jiki ta hana iska shiga, sai a ga tana zubowa laushi-laushi kamar auduga zalla. Leshin da duwatsunsa manne suke da gam, sai su bayyana a jere kamar an ɗinke su. A kasuwa mace takan murza yadi da yatsa, ta ɗaga shi a rana, ta ja shi ta ji. Wadda ke Maraɗi ko Kumasi ba ta da komai sai idonta da amanarku, kuma idon nan kuka nufa da yaudara.

Kada wani ya ce ai abu ne sabo, malamai ba su yi magana a kai ba. A fiƙihun Malikiyya da muka tashi a cikinsa, an halatta sayar da abin da ba ya gaban mai saye bisa siffantawa, da sharaɗin ya zo daidai da siffar. Idan ya saɓa, mai saye yana da zaɓin mayarwa. Hoton da kuka ɗora shi ne siffar. Kun kuma san labarin da ke cikin Sahihu Muslim, na mai tarin abincin da ruwa ya jiƙa, ya bar jiƙaƙƙen a ƙasa inda ba a gani, da irin tsawatarwar da Manzon Allah (SAW) ya yi masa. Dokar ƙasa ma ba ta yi shiru ba. Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda hukumar FCCPC ke aiwatarwa, ta hana siffanta kaya ta hanyar da za ta ruɗi mai saye. Rubuta "ba a mayar da kaya" a ƙasan hoto ba ya wanke wanda hotonsa ƙarya ne.

Ban ce ku jefar da manhajar ba. Ku share tarkacen shago daga bayan hoto, ku sa farin bango, babu laifi, domin ba bangon ake saya ba. Iyakar tana jikin kayan: girman zane, launi, kauri da sheƙi, kada a taɓa ko ɗaya. In kuna son nuna samfurin ɗinki, ku rubuta a jikin hoton kansa cewa na'ura ce ta zana shi, domin rubutun ƙasa yakan ɓace idan aka tura wa wani. Kuma hoton farko ya zama na ainihin yadin, a shimfiɗe a inuwa da rana, da tef ɗin tela a kan furen, da farar takarda a gefe don a gwada launi, sai gajeren bidiyo na hannu yana murza shi.

Ku kuma masu saye, ku ja hoton ku ƙara girmansa. Zanen atamfar gaske bugu ne, yana maimaita kansa sak, to in kun ga kowane fure da kamanninsa, ko zane ya bi ta kan lanƙwasar riga bai karye ba, ko babu layin ɗinki a hammata da kafaɗa, ba yadi kuke kallo ba. Ku ce a turo muku hoton bakin yadin, inda ake buga sunan kamfani. Wanda ya fara kame-kame a nan, kada ku tura masa ko sisi.