Kira ga Hukumar NAFDAC, Ofishin Sakkwato, kan Takardar Awon Furotin

Ni ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje ne mazaunin Ƙofar Kware. Maƙwabtana masu kiwon kaji kan kawo mini takardun awon tunkuzar da suka saya in karanta musu, kuma abin da nake gani a ciki ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Awon da ake yi shi ne na Johan Kjeldahl na 1883, kuma naitirojin yake aunawa, ba furotin kansa ba. Ana dafa rabin giram na tunkuza cikin kakkarfan asid H2SO4 tare da gishirin K2SO4 da ɗan CuSO4. Da farko sai ya yi baƙi ƙirin kamar gawayi, a hankali ya washe ya koma ruwa garai mai ɗan kore. Wanda ya sauke shi da sauran baƙi, sakamakonsa zai yi ƙasa. Idan ya huce sai a zuba NaOH, a tafasa, tururin amoniya ya bi bututu ya faɗa cikin asid H3BO3, sannan a riƙa ɗiga HCl mai ƙarfin 0.1 har launi ya juya.

A ce mililita 25 aka ɗiga, bayan an cire na kwalbar da ba samfur a ciki. Lissafin shi ne 25 × 0.1 × 1.4 ÷ 0.5, wato naitirojin kashi 7 cikin ɗari. To, a nan gizo ke saƙar. Idan aka ninka da 6.25, adadin gama-gari, furotin zai fito 43.75. Amma adadin gyaɗa 5.46 ne, wanda ke ba da 38.2. Buhu ɗaya, sakamako biyu, kuma takardun da ake kawo mini ba sa faɗin wanne aka bi.

Akwai matsala ta biyu da ta fi tayar mini da hankali. Takin yuriya kashi 46 cikin ɗari naitirojin ne. Kilo 2 a cikin kilo 100 na tunkuza zai ƙara wa takarda furotin na ƙarya kusan kashi 6, alhali kaza ba ta da tumbin saniya da za ta amfana da shi. Irin wannan kafar aka bi da melamin a madarar jarirai a ƙasar Sin a 2008.

Roƙona, ranku ya daɗe, ku wajabta wa kowane ɗakin awo ya rubuta naitirojin da ya samu tare da adadin da ya ninka da shi. Sannan a haɗa da gwajin yuriya, wanda ba shi da tsada: ɗanyen garin waken suya kan fasa yuriya ta zama amoniya, ruwan gwaji ya sauya launi cikin mintuna. Muna fatan a fara da tunkuzar da ke shiga kasuwannin Sakkwato.