Ba Shinkafar Kura Ce Ta Tara Tumbin Ba

Tun da ruwan madatsar Tiga ya fara bin magudanan Kadawa a shekarun 1970, shinkafa da alkama ke riƙe da Kura da Bunkure. Sai ga shi yau wasu samarin yankin, masu taka leda da yamma da masu ɗaga ƙarfe, sun ɗauko ra'ayin da ke yawo a wayoyi: wai shinkafa da tuwo su ne abokan gaba, wai tsarin keto shi ne maganin tumbi da kasala. Ga mai motsa jiki da gaske, wannan ra'ayi bai riƙe ruwa ba.

Keto dai magani ne tun asali. A 1921 likita Russell Wilder na asibitin Mayo a Amurka ya tsara shi domin masu farfaɗiya. Ƙa'idar keto da ake bi a yau ita ce kada abinci mai sitaci da sukari ya wuce giram 50 a yini, domin hanta ta koma sarrafa kitse. Faranti ɗaya na dafaffiyar shinkafa mai nauyin giram 300 yana ɗauke da kusan giram 85. Ke nan ba shinkafa kaɗai za a bari ba. Tuwo, fura, masa, dankali, har wake, duk sun zama na kallo.

A ɗauki saurayi mai kilo 70 da ke buga ƙwallo kullum bayan la'asar. Jikinsa yana ajiye sukari wajen giram 500 a tsoka da hanta, kowane giram kuma yana riƙe da ruwa kamar giram uku. Da ya daina cin hatsi sai ajiyar ta ƙare cikin 'yan kwanaki, ruwan ya bi fitsari, gishiri ya bi shi. A ƙarshen mako sikeli ya nuna ya rage kilo biyu, abokai su yi ta jinjina. Mafi yawan abin da ya zubar ruwa ne, tumbin kuwa yana nan daram.

Daga nan sai ciwon kai, jiri idan ya miƙe, ɗaurewar jijiyar ƙafa da bushewar ciki. Masu tallan keto kan ce a daure, gajiyar sabo ce, mako ɗaya ko biyu za ta wuce. Gaskiya ne, takan lafa, musamman idan an ƙara ruwa da ɗan gishiri a romo. Abin da ba sa faɗa shi ne saurin gudu ba ya dawowa ko bayan ta lafa. Kitse kamar gawayi yake, yana daɗewa yana ci amma ba ya tashi da wuri, ƙwallo kuwa wasa ne na zabura da tsayawa.

An gwada wannan. A 2017 Louise Burke da abokan aikinta a cibiyar wasanni ta Ostireliya suka wallafa binciken da suka yi kan ƙwararrun 'yan tseren tafiyar sauri. Bayan mako uku, masu keto sun ƙware wajen ƙona kitse, amma suna bukatar iskar numfashi fiye da da kafin su yi sauri iri ɗaya. A tseren kilomita 10 masu cin sitaci sun inganta lokacinsu, su kuwa ba su inganta ba. Ko binciken Stephen Phinney na 1983, wanda 'yan keto ke kafa hujja da shi, masu tseren keke biyar kacal ya ƙunsa, kuma juriya a matsakaicin gudu ya auna.

Mai ƙiba da tattaki ne motsa jikinsa zai iya amfana da rage sitaci, wannan ba abin musu ba ne. Saurayin can kuwa, ma'aunin masana abincin 'yan wasa ya ba shi sitaci giram 350 zuwa 490 a ranar atisayen awa ɗaya. Idan tumbi ne damuwarsa, ya fara da rage lemon kwalba, shayi mai sukari cokali huɗu da ƙarin faranti na dare.

Akwai kuma waɗanda lamarin ya wuce gajiya a wurinsu. Mai ciwon sukari da ke allurar insulin ko shan glibenclamide, sukarinsa na iya faɗuwa a tsakiyar fili. Alamar ita ce rawar jiki, zufa mai sanyi da ruɗewa. Mai shan empagliflozin ko dapagliflozin jininsa na iya yin tsami mai kisa alhali awon sukari bai nuna tashi sosai ba. Mai hawan jini da ke shan ƙwayar sa fitsari, mai ciwon ƙoda, mai juna biyu da mai shayarwa, kada su fara sai da likita. Mai sikila kuwa, ƙarancin ruwa yana cikin abubuwan da ke tayar masa da ciwo, ga shi zafin Afrilu a Kadawa kan kai maki 40, kuma makon farko na keto shi ne makon da jiki ya fi zubar da ruwa.