Gaisuwa da Hausa, Sharaɗi da Turanci

Ina so in yi magana a kan wani abu da ya ke cutar talakawa a ɓoye. Mutum ya kan rubuta wa ofis ko kamfani takarda, ya roƙa a riƙa ba shi amsa da Hausa. A ce masa to. Amsar farko ta zo da Hausa tsantsa. Ta biyu ta zo rabi da rabi. Kafin ta uku, Hausa ba ta wuce sallama da fatan alheri ba. Ra'ayina shi ne, roƙo sau ɗaya ba ya tsare harshe. Sai an mai da shi sharaɗi, an kuma tsare shi a daidai wurin da ya saba zamewa.

Ga abin da ya faru a gabana nan Wonaka. Wani maƙwabcina manomi ya karɓi taki buhu huɗu da iri daga wani kamfani, a kan zai biya da masara buhu shida in kaka ta yi. Tun da fari ya zo zaurena, muka sa wani almajirina mai boko ya rubuta musu cewa mutumin nan ba ya jin Turanci, a amsa masa da Hausa. Suka amsa da Hausa mai kyau: buhu huɗu a kan buhu shida. Ya yi murna.

Takarda ta biyu ita ce wadda ya dangwala wa yatsa. Samanta Hausa ne, gaisuwa da addu'ar damina mai albarka. Ƙasanta kuwa layuka uku ne na Turanci da lambobi. Yaron ya ce ai maimaici ne na abin da aka riga aka faɗa, ni ma na yarda, kuma wannan sakaci nawa ne. Ashe layukan nan su ne cinikin duka. Na ɗaya ya ce kowane buhu ya cika kilo 100 a kan sikeli bayan masara ta bushe. Na biyu ya ce a kai ta sito a Gusau, kuɗin mota a wuyan manomi. Na uku ya yanke ranar 30 ga Nuwamba.

Shi kuwa buhu a wurinsa shi ne wanda a ke cikawa da tiya a ɗinke baki, kamar yadda a ke yi a kasuwa. Da aka ɗora a sikeli, kowane buhu ya ba da kilo 92. Giɓin kilo 8 sau shida ya zama kilo 48, watau kusan rabin buhu, sai da ya ɗebo daga abincin iyalinsa, ga kuɗin mota da bai shirya masa ba. Ba wanda ya yi masa ƙarya. An dai gaya masa gaskiya da harshen da ba ya ji.

Ku lura, jama'a, harshe ba ya zamewa a wurin gaisuwa. A wuri uku ya ke zamewa: wurin awo, wurin rana, da wurin abin da zai biyo baya in an saɓa. Dalili kuwa a fili ya ke. Akawu da bakinsa ya ke gaisuwa, amma sharaɗi daga takardar da aka riga aka buga ya ke kwafo shi, ita kuwa da Turanci aka tsara ta. Fassara ta aiki ne, kwafe ta kuwa ba wuya. In kuma aka canja akawu, sabon bai taɓa ganin roƙonka na farko ba, yana can ƙarƙashin tarin takardu. Wannan hali daɗaɗɗe ne. A Majalisar Jihar Arewa a Kaduna, kafin 1966, wakilai su kan yi muhawara da Hausa da Turanci, amma doka da Turanci a ke rubuta ta.

Kada wani ya dogara da cewa hukuma za ta tsare masa wannan. Tsarin mulki na 1999, a sashe na 36, ya ba wanda a ke tuhuma da laifi haƙƙin a sanar da shi tuhumar da harshen da ya ke ji, a kuma ba shi tafinta kyauta a kotu. Wannan na mai shari'ar laifi ne. Bai kai ga takardar bashin taki ba. A nan, garkuwarka ita ce abin da ka gindaya kafin ka dangwala.

To, yaya a ke tsare shi? Da fari, sharaɗin ya hau kan kowace takarda, a layin farko, ba a ta farko kaɗai ba. Mu bana ga abin da mu ke rubutawa: "A amsa wannan da Hausa duka, har lambobi da rana da awo. Abin da ya zo da wani harshe ba mu karɓe shi ba." A kuma faɗi irin rubutu. In ka ce Hausa kawai, boko za a aiko maka. In ajami ka ke karantawa, ka ambata, in ba su da mai rubuta shi ka tanadi amintaccen mai karanta maka boko.

Na biyu, kada ka amsa takardar da ta sauka daga sharaɗi. Ran da ka amsa mai rabin Turanci, ka shaida musu cewa kana da mai fassara, daga nan ba za su ƙara wahalar da kansu ba. Mai da ita cikin ladabi, ka ce a juya layi kaza da kaza. Kai ma ka tsare bakinka: in ka cusa kalmomin Turanci cikin taka don a ce ka waye, kai ka buɗe ƙofa.

Na uku, a biya maka. Ba mu barin yaro ya wanke allo sai ya biya mun ji. Haka nan mai karanta maka ya sa yatsa a kowane layi ya faɗi ma'anarsa, kai kuma ka mayar da bakinka: buhu nawa, kilo nawa, wace rana, a ina, wa zai biya mota. In ya ce maka wannan layin ba kome ba ne, to nan ne kome ya ke. In takarda ta zo biyu, ta Hausa da ta Turanci, a rubuta wadda za a bi in sun saɓa.

Wani zai ce wannan jinkiri ne, damina ba ta jiran fassara, mai nema kuma ba ya kafa sharaɗi. Akwai gaskiya a ciki. Mutum ɗaya in ya mai da takarda, a kan tsallake shi a ba na bayansa. Saboda haka bana manoma goma sha biyu na unguwarmu suka sa sharaɗin tare, kuma tun kafin ruwa ya sauka. Takardar Hausa ta zo bayan kwana tara, da kilo da rana a rubuce da kalmomi. Jinkirin kwana tara ya fi rabin buhu sauƙi.

Ayar bashi, ta 282 a Suratul Baƙara, ta umurci a rubuta bashi, ta kuma ɗora shiftar a kan wanda a ke bi. Yaya mutum zai yi shiftar abin da ba ya ji? Neman amsa da harshenka ba girman kai ba ne, ba kuwa ƙin Turanci ba ne. Neman sanin abin da ka ɗauka a wuyanka ne.

Allah ya sa mu gane, ya tsare mu daga dangwala wa abin da ba mu sani ba.